Kashi 95 Cikin 100 na Motocin Wa? Sharhi Kan Man E10 da B20 da Tsofaffin Injuna

A watan Satumba na 2021 gidajen man Birtaniya suka canza fetur ɗin da jama'a suka saba sha. Da, fetur ɗinsu na yau da kullum yana ɗauke da etanol har zuwa kashi 5 cikin 100, shi ne ake kira E5. Daga wannan watan aka koma E10, wato fetur mai etanol har kashi 10. Etanol kuwa shi ne sinadarin da ake tatsowa daga rake, masara, alkama ko rogo bayan an bar su sun tsima. Gwamnatin ƙasar ta kwantar wa direbobi hankali da lambobi biyu. Ta ce kusan kashi 95 cikin 100 na motoci masu shan fetur da ke kan hanya za su sha sabon man ba tare da matsala ba, kuma ƙarin shan man da za a gani bai wuce kusan kashi 1 ba.

Lambobin nan biyu gaskiya ne a inda aka faɗe su. Abin da ya sa muke rubuta wannan sharhi shi ne yadda irinsu ke yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ɗaukar su kamar dokar kimiyya ce da ta hau kan kowane injin. Mu ma maganar ta shafe mu, domin tun 2007 Najeriya take da manufar man tsirrai a rubuce, wadda ta tanadi a riƙa gauraya fetur da etanol kashi 10, dizal kuma da bayodizal kashi 20, wato E10 da B20. Duk lokacin da aka tayar da zancen, sai ka ji mutane sun rabu gida biyu. Wasu su ce ai Turai da Amurka suna sha lafiya lau. Wasu su ce gurɓataccen mai ne kawai aka canza wa suna. Dukkan ɓangarorin biyu sun tsallake tambayar da ta fi kowace nauyi: wane irin injin ake magana a kai?

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Bari mu fara daga ƙonewar kanta. Fetur zalla kusan babu oksijin a jikinsa, duk abin da yake buƙata don ya ƙone daga iska yake samu. Kilo 1 na fetur yana buƙatar iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙone ƙurmus. Etanol kuwa, wanda masana ke rubutawa C2H5OH, ya zo da guzurinsa: kusan kashi 35 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne. Saboda haka iska kilo 9 ta ishe shi. Idan aka gauraya su aka yi E10, abin da ake buƙata sai ya sauko zuwa kusan 14.1.

Daga 14.7 zuwa 14.1 kamar ba wani abu ba ne, bambancin kusan kashi 4 ne cikin 100. To amma wa zai gyara wannan bambancin? A nan injuna suka rabu.

Motar da ke da injekta tana da wata 'yar na'ura a bututun hayaƙi, kafin salansa, wadda ke sansano yawan oksijin da ya rage bayan ƙonewa. Idan ta ji ya yi yawa, sai ta sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta ƙara tsawon lokacin da injekta ke fesa mai. Wannan gyara yana faruwa a kai a kai muddin injin yana aiki, direba bai ma sani ba. Ka zuba wa irin wannan mota E10, za ta ƙara shan mai kaɗan, ta ci gaba da tafiyarta.

Kafireto ba shi da wannan kunnen. Rami ne kawai da aka huda daidai gwargwado, wanda kanikawa ke kira jet, iska na wucewa tana zuƙo mai ta cikinsa. Ko fetur zalla ka ba shi ko E10, kusan adadi ɗaya zai zuƙo. Sai ya zama iska ta ɗan fi abin da man ke buƙata. Kafireto kuwa shi ke kan yawancin baburan haya, da ƙananan janaretoci, da injunan ban-ruwa na fadama, da injin markaɗe, da tsofaffin motocin da har yanzu ke jigilar kasuwannin ƙauye.

Ga misali da babura biyu. Na farko yana nan yadda kamfani ya saita shi, a ce idan an murɗa masa wuta yana haɗa iska 13 da mai 1. Wato da gangan aka ba shi rarar mai, domin injin da iska ke sanyaya shi, wanda ba shi da lagireto, wannan rarar man tana taimakawa wajen rage masa zafi. Aka zuba masa E10. Har yanzu 13 tana ƙasa da 14.1, saboda haka yana da sauran rara. Zai ɗan ƙara ɗumi, hayaƙinsa ma zai fi tsabta, mai shi ba lalle ya lura da komai ba.

Babur na biyu kuwa an kai shi wajen makanike an ce a rage masa shan mai, abin da masu haya da yawa ke yi tun da fetur ya yi tsada. An matse shi har ya kai 14.5. Da fetur zalla yana bakin iyaka, domin 14.5 ba ta kai 14.7 ba. Da E10 kuwa ya haye iyakar, tunda 14.5 ta wuce 14.1. Rarar da ke sanyaya shi ta ƙare. A ɗora masa buhu biyu da fasinja a tsakiyar bazara, sai kan injin ya yi zafi fiye da kima, bawul ɗin hayaƙi ya fara cinyewa a hankali.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Babur zai riƙa shaƙewa idan aka murɗa masa wuta farat ɗaya, ya riƙa harbi a salansa idan aka saki. Janareta zai riƙa hawa yana sauka da murya kamar mai haki. Idan ka ɗan ja cok rabi ka ji injin ya daidaita, to mai ne ya yi masa kaɗan. Ka kwance fulogi ka duba: lafiyayye launin ƙasa-ƙasa yake, wanda mai ya yi wa ƙaranci kuwa fari fat yake fitowa. Maganin ma ba mai tsada ba ne. Ana buƙatar ƙarin mai kusan kashi 4, wato faɗin ramin jet ya ƙaru da kusan kashi 2. A kafireton da lambar jet ɗinsa ke nuna faɗin rami, wannan yana nufin a tashi daga 100 zuwa 102. Sai dai fa wanda zai yi wannan gyara dole ya san cewa man ya canza.

Kashi 1 daga ina?

Yanzu mu koma ga lambar shan mai. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfi kusan megajul 32, ta etanol kuwa kusan 21, wato kashi biyu bisa uku ke nan. Idan ka haɗa tara bisa goma na fetur da ɗaya bisa goma na etanol, za ka samu kusan 30.9. Ka ga an rasa fiye da kashi 3 cikin 100. To ta yaya Birtaniya ta ce kashi 1?

Amsar ita ce su ba daga fetur zalla suka taso ba. Daga E5 suka taso, sun riga sun yi rabin tafiyar tun tuni. Tsakanin E5 da E10 lissafin ƙarfi yana ba da tazarar da ba ta kai kashi 2 ba. Ƙasar da za ta tashi daga fetur zalla kai tsaye zuwa E10, nata lissafin kusan kashi 3 ne, kuma haka hukumar bayanan makamashi ta Amurka take faɗa idan tana kwatanta E10 da fetur marar etanol.

Ga mai motar gida, kashi 3 ba zai hana shi barci ba. Ga ɗan acaɓa mai shan lita 5 a rana, wato lita 150 a wata, kashi 3 ya kusa lita 5, man yini guda ke nan a kowane wata. Adalci ne mu ƙara da cewa injin da dama yake ɓarnar mai saboda rara, asararsa ba za ta kai haka ba, domin wani ɓangare na man da da yake fita ta salansa bai ƙone ba yanzu zai ƙone. Amma dai duk wanda zai sayar da E10 a farashin fetur zalla, ya sani yana sayar da ƙarfi kaɗan a kuɗi ɗaya, kuma ya kamata ya faɗa.

Etanol yana da nasa alherin wajen ƙonewa. Lambar oktensa ta haura 100, wato yana jure matsi sosai kafin ya kama da kansa, saboda haka yana rage ƙwanƙwasar da ake ji a injin idan mota na hawan tudu. Amma yana sa fetur saurin zama tururi. A sanyin Birtaniya wannan ƙaramin abu ne. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, tsohuwar mota mai famfon mai a jikin injin za ta fi saurin tara tururi a tiyo. Ka kashe ta da zafinta, ka dawo bayan minti goma, ta ƙi tashi sai ta huce.

Waɗanda ba a ƙirga ba

Ita kuwa kashi 95, ƙidaya ce ta motocin da ke kan titunan Birtaniya a 2021, ƙasar da duk motar da aka ƙera daga 2011 an yi ta ne da shirin shan E10. Motocin da suka tsufa a can da sauran Turai, ina suke zuwa? Da yawansu jirgin ruwa ke kwaso su zuwa Kwatano da Legas. Wato wani ɓangare na abin da ya fita daga ƙidayarsu, shi ne ya shigo tamu.

Kuma ba shekaru kaɗai ke raba gardama ba. Kamfanin Toyota ya bayyana cewa motocinsa masu fetur da aka yi wa kasuwar Turai daga 1998 suna shan E10, amma ya cire Avensis mai injin 1AZ-FSE mai lita 2.0 da aka ƙera tsakanin 2000 da 2008, da mai injin 2AZ-FSE mai lita 2.4 daga 2003 zuwa 2008. Waɗannan injuna ne na farkon zamanin fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi. Ka ga Corolla ta 1999 ta tsira, Avensis ta 2006 mai wannan injin ba ta tsira ba. A ɗaya gefen, motar da aka shigo da ita daga Amurka, ko ta shekara ashirin, mai yiwuwa E10 ta sha duk rayuwarta, domin kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa a can E10 ne.

Abin da ke hana wasu injuna jure etanol, ban da ƙonewa, shi ne kayan da man ke bi ta cikinsu. Tsohuwar robar tiyo takan kumbura ta yi laushi, daga baya ta bushe ta tsattsage. Gaskit na toto, da fatar da ke cikin famfon mai, da gangar jikin kafireto da aka zuba da tutiya ko alminiyam, duk etanol yana taɓa su, musamman idan akwai ruwa a ciki. Tiyon da ya tsage a saman injin mai zafi kuwa maganar gobara ce. Etanol kuma yana wanke dattin da ya daɗe manne a tanki, ya kwaso shi ya kai filta da jet.

Abin yabo a tsarin Birtaniya, wanda masu kwaso lambobinta ba sa kwasowa, shi ne ba ta bar kashi 5 ɗin nan a rana ba. Ta bar E5 a kasuwa a matsayin fetur mai okten 97 zuwa sama, ta sa aka manna alama a kan kowane famfo, ta buɗe shafin da mutum zai duba ko motarsa na cikin masu sha. Ko Amurka, da ta amince da E15, ta taƙaita shi ga motocin 2001 zuwa sama, ta hana zuba shi a babura da ƙananan injuna. A wurinmu kuwa fetur iri ɗaya ne a famfo, ba zaɓi.

Ruwa cokali uku

A ganinmu, babban haɗarin E10 a yanayi irin namu ruwa ne. Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa. Idan ruwa ya shiga tanki, sai ya kwanta a ƙasa shi kaɗai. Etanol kuwa yana son ruwa. E10 zai shanye ruwa kaɗan ya ƙone shi tare da man, wanda abu ne mai kyau. Amma yana da iyaka, kusan rabin kashi 1 cikin 100 a yanayi mai ɗan sanyi, ya ɗan fi haka idan da zafi. A lita 10, wannan mililita 50 ne, cokalin cin abinci uku da ɗoriya.

Da an wuce wannan iyaka, sai man ya rabe gida biyu. Ruwan ya janye etanol su sauka ƙasa tare, fetur ya tsaya a sama ya rasa wani ɓangare na oktensa. Bakin tiyon da ke ɗiban mai kuwa a ƙasan tanki yake. Injin zai zuƙi ruwa da etanol ya mutu, abin da ya kwanta kuma ya ci gaba da cin ƙarfen tanki da kwanon kafireto. Ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya fi kowa shan wuya, domin baƙin man yana zama ne a fetur ɗin sama. Idan injin ya yi aiki da abin da ke ƙasa, fistin yana gudu ba maiƙo, kuma ƙarshensa ya kama.

Ruwan nan yawanci ba daga laimar iska yake zuwa ba, wannan hanya tana da jinkiri. Yana shiga ne ta murfin tanki da ruwan sama ya doka, ta tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai da ke yoyo da damina, ta jarkar 'yan bumburutu da ke zaune a bakin titi. Sai kuma injin ban-ruwa da aka ajiye da mai a cikinsa tun farkon damina har zuwa noman rani. Wanda zai ajiye injin na watanni, ya rufe makunnin mai ya bar shi ya ci abin da ke kafireto har ya mutu, sannan ya juye tanki.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a gane ko fetur na ɗauke da irin wannan sinadari. A samu kwalbar awo ta gilashi mai mililita 100, irin ta ɗakin gwaje-gwajen makaranta. A zuba ruwa zuwa layin 10, a cika da fetur zuwa 100, a toshe, a girgiza, a ajiye minti biyar, a fili kuma nesa da wuta. Idan ruwan ƙasa ya tsaya a 10, fetur zalla ne. Idan ya hau zuwa 18 ko 19, to kusan kashi 10 ne a ciki. Iyakar gwajin ita ce ba ya bambance etanol da ɗan'uwansa metanol.

Abin da ya faru a 2022 ba E10 ba ne

Wannan ya kawo mu ga ɓangare na biyu, masu cewa duk gauraye guba ne. Hujjarsu ita ce watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka lalace, aka janye man daga kasuwa, layuka suka dawo gidajen mai. Abin da aka samu a wannan man metanol ne. Shi CH3OH ne, rabin nauyinsa oksijin, ƙarfinsa kusan rabin na fetur, ya fi etanol cin ƙarfe da roba, kuma ruwa ƙalilan ke raba shi da fetur. Shi ya sa ƙa'idar fetur ta Turai ba ta yarda ya wuce kashi 3 ba. Hukumomi a lokacin sun bayyana cewa gwajin da aka saba yi wa man da ke shigowa bai haɗa da auna yawan metanol ba. Darasin 2022 ke nan: abin da ba a aunawa, ba a san ya shigo ba sai motoci sun tsaya.

Idan ana neman shaidar cewa etanol kansa ba ya kashe injin, a dubi Barazil. Tun 1975 ta fara shirinta na man rake, a 1979 aka fitar da Fiat 147 mai shan etanol zalla, kuma da kafireto take. Yau fetur ɗinsu na yau da kullum yana da etanol fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Amma su injunan suka gyara domin man: suka canza roba, suka yi wa tanki da kafireto rufin da ba ya ci, suka faɗaɗa jet.

Bayodizal labarinsa daban

Kuskuren da manufofi da labarai suka fi yi shi ne haɗa E10 da B20 a jimla ɗaya, kamar Hassan da Husaini. Bayodizal ana yin sa ne daga man tsirrai, irin manja, man waken suya ko man bini-da-zugu. Ana haɗa kusan kilo 100 na man da kilo 10 na metanol da 'yar soda, a samu kusan kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin da ake cirewa. Ɗanyen man da ba a yi wa wannan aiki ba ya ninka dizal kauri kusan sau goma, ba ya fesuwa da kyau, yana daskarewa a bakin nozul. Wanda ya zuba man gyaɗa a tarakta bai gwada bayodizal ba.

Shi ma bayodizal yana da oksijin a jikinsa, kusan kashi 11. Amma injin dizal, wato mai shan gas kamar yadda direbobi ke cewa, dama da rarar iska yake aiki kullum. Ba ya auna iska da mai kamar na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Saboda haka matsalar ƙarancin mai da muka gani a kafireto ba ta taso ba sam. Oksijin ɗin ma taimako yake yi a tsakiyar feshin, inda baƙin hayaƙi ke samuwa. Nazarin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 2002 ya nuna B20 yana rage ƙurar hayaƙi da kusan kashi 10, yana ƙara iskar NOx da kusan kashi 2. Ƙarfin bayodizal zalla ya gaza na dizal da kusan kashi 8 a lita, wato a B20 asarar ba ta kai kashi 2 ba. Yana kuma da santsi, abin da famfon injekta ke so.

Wato ta fuskar ƙonewa, tsohon injin dizal mai famfon ƙarfe, irin na injin niƙa ko tsohuwar tarakta, ya fi sabon zamani haƙuri da bayodizal. Sabuwar mota mai tace hayaƙi takan fesa ƙarin mai a ƙarshen bugu don ta ƙone dattin matatar, wani ya gangara cikin baƙin mai. Bayodizal kuwa sai zafi ya haura digiri 300 yake tafasa, saboda haka ba ya ƙafewa, taruwa yake yi yana tsinka baƙin man.

Inda tsohon injin ke shan wahala shi ne kafin man ya iso silinda. Ɗauki babbar motar da ta shekara ashirin tana shan gas, tankinta ya tara laka. Aka zuba mata B20. Bayodizal yana narkar da wannan laka, ya tura ta filta. Bayan tanki ɗaya ko biyu sai mota ta fara rasa ƙarfi a hawa, tana yankewa idan an taka. Direba zai ce man ya kashe masa injin, alhali filta ce ta toshe. A canza ta sau ɗaya ko biyu, abin ya wuce. Wanda ba ya wucewa da kansa shi ne tsohuwar roba, musamman a injunan da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990. Idan ka ga tiyo yana gumi, ya yi laushi yana manne wa hannu, ko famfon injekta ya fara tsattsafo, sai an sa roba mai jure man, irin wadda ake kira Viton. Haɗarin yana ƙaruwa da yawan gaurayen: a B7 da Turai ke sha kusan ba a ganinsa, a B20 sai an sa ido, a B100 dole a canza.

Sannan bayodizal yana tsufa kamar yadda man girki ke yin ɗoyi. Zafi da iska suna sa shi tsami da danƙo, tagulla da tutiya kuma suna hanzarta abin, shi ya sa ake ba da shawarar kada a ajiye shi fiye da wata shida. Janaretan asibiti ko na makaranta da mai ke kwana a tankinsa wata da watanni ya fi motar haya shiga wannan haɗari. Wanda aka yi da manja kuma yana fara daskarewa idan sanyi ya sauko wajen digiri 13 zuwa 16, abin da daren hunturu a Jos ko Kano ke kaiwa, ko da yake gauraya shi da dizal tana rage wannan sosai.

Jimlar da ta kamata a faɗa

Da za a tambaye mu yadda ya kamata a gabatar da waɗannan mayuka ga jama'a, za mu ce a bar aron kashi 95. A ce: motar da ke da injekta da na'urar sansano oksijin, in ban da wasu 'yan ƙirar da kamfanoninsu suka cire, za ta sha E10, shan manta ya ƙaru da kusan kashi 3. Injin mai kafireto zai sha, amma yana buƙatar a duba saitinsa da robobinsa, kuma kada a bar ruwa ya kusanci mansa. Tsohon injin dizal zai ƙone B20 da kyau, amma mai shi ya tanadi filta ya duba tiyo.

Kafin a kai ga famfo kuwa, akwai aikin da ke kan hukuma da 'yan kasuwar mai: a ƙirga injunan da muke da su har da babura da janaretoci da injunan fadama, a kwashe ruwan da ke tankunan gidajen mai, a riƙa auna etanol da metanol da ruwa a tashar jirgi da kuma bakin famfo, a rubuta wa mai saye abin da yake saye, a koya wa kanikawa abin da farin fulogi ke nufi. Idan aka tsallake waɗannan, ɗan acaɓa da manomin rani ne za su biya kuɗin gyaran.